Kafin ka karɓi gonar nan a Tepa

"Baffa, barka da war haka. Na tara ɗan jari a nan Aboabo ta Kumasi, wani mai ƙasa a wajen Tepa kuma ya yi mini tayin eka 6 a kan abunu, wato in dasa a raba biyu. Ina so in dasa koko gaba ɗaya. Sai dai manya suna cewa baƙo ba ya dasa itace a ƙasar aro, kuma a fara da abinci kafin kasuwa. Wannan al'adar tana da dalili, ko tsoro ne kawai?"

Ɗana, Allah ya yi albarka. Dalili gare ta, kuma babba.

A gidan Bahaushe na da, gandu na kowa ne. Maigida da 'ya'yansa da ƙannensa su noma gero da dawa, a zuba a rumbu, a ci har damina ta zagayo. Kowane saurayi kuma yana da gayaunarsa, inda yake zuba gyaɗa ko auduga don aljihunsa. Ba a taɓa barin gayauna ta cinye kwanakin gandu. Mai noman ci yana cakuɗa shuka ne da gangan, don in fari ya kashe wannan, wancan ya tsira. A nan ƙasar Asante ma haka za ka gani: rogo da gwaza da ayabar dafawa da barkono duk a fili ɗaya. Ribar kaɗan ce, amma da wuya gida ya kwana da yunwa.

Mataki na gaba shi ne noman kasuwa na shekara, kamar masarar Ejura da Techiman ko tumatirin Akomadan. Can ana ruwa sau biyu, babbar damina daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuɗinka kuma yana dawowa cikin wata huɗu. Aibinsa, kowa yana girbi lokaci ɗaya, farashi ya faɗi, wanda ba shi da wurin shanya da ajiya ya sayar a wulaƙance. Can ƙololuwa kuma akwai manyan gonakin kamfani, irin na kwakwar manja a Kwae da Benso. Su dubban eka ne na itace iri ɗaya da masana'anta a tsakiya, domin nonon kwakwa in ya wuce kwana biyu ba a matse shi ba, man yana tsami. Wannan ba layinka ba ne. Kai tsakanin noman ci da ƙaramar gonar koko kake, kuma abin da zai zaɓa maka shi ne irin haƙƙin da kake da shi a kan ƙasar, da shekarun da za ka iya jira ba ka ga ko sidi ɗaya ba.

Batun ƙasa shi ne asalin maganar manya. A Asante yawancin ƙasa ta kujerar sarauta ce ko ta dangi, kuma dangin na gado ne ta wajen uwa. Wanda ya nuna maka gona yana iya zama mai riƙo kawai. Masara wata huɗu take yi ka kwashe abinka, amma koko yana kai shekara 30 yana haihuwa, wato ya ɗaure ƙasar har bayan ran wanda ya ba ka. Shi ya sa mai aro ba ya dasa itace: ranar da mai gonar ya rasu, 'ya'yan 'yar'uwarsa za su zo su ce ba da saninsu ba. Abunu shi ne ƙofar da al'adarsu ta buɗe wa baƙo. Kai ka share daji, ka dasa, ka rena da kuɗinka, in itace ya girma a raba biyu. Abusa kuwa daban ne: gona ta riga ta girma, mai kula da ita ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na amfanin.

To kada ka sa adda a dajin nan sai an zauna da shugaban dangin, da shaidu daga ɓangarensu da namu, an sanar da sarkin garin, an kuma rubuta. Takardar ta faɗi ƙarara ko gonar za a raba ko buhunan, domin a nan yawancin rigima take. Ta faɗi shekarar da za a yi rabon, da wanda zai fara zaɓen ɓangare, da wanda ke da ayaba da rogon da ke tsakanin itatuwa, da kuma cewa 'ya'yanka za su gaji rabonka. A kawo mai awo ya fitar da iyaka. "Daga wancan itacen zuwa rafi" ba iyaka ba ce, itace yana faɗuwa.

Yanzu mu yi lissafin eka 6 ɗin. Shawarata, huɗu koko, biyu abinci da masara. Ana dasa koko ƙafa 10 tsakanin kowane biyu, eka ɗaya ta ci wajen 435, huɗu kenan 1,740. Ka nemi ƙarin kamar 200 don cike gurbin waɗanda rani zai kashe. Ka karɓi ingantaccen iri daga wuraren renon COCOBOD, hukumar koko ta Ghana, kada ka fasa ƙwallon gonar maƙwabci ka shuka. Ayaba ake fara dasawa, watanni kafin koko, ita ma ƙafa 10, domin ƙaramin koko ba ya jure rana tsirara. In ka ga ganye yana ƙonewa ta baki a watan Janairu, inuwa ce ta gaza. Dashen kansa tsakanin Mayu da Yuli ne, ƙasa na da laima. Sai sharar ciyawa sau uku ko huɗu a shekara, kuma nan ne kuɗin ƙwadago yake zurarewa.

Ingantaccen iri yana fara haihuwa a shekara ta uku, amma amfani mai sunan amfani sai ta biyar zuwa sama. Buhun koko kilo 64 ne, kuma manoma da yawa ba sa wuce buhu uku a eka. Eka huɗu buhu 12 kenan. Bayan rabo, naka shida. In kana zaune Kumasi ka sa mai kula a kan abusa, biyu nasa, huɗu naka a shekara, kuma a ciki za ka sayi magani da taki. Ka ɗora wannan a kan shekara biyar na kashe kuɗi, sai ka ga dalilin da ya sa ayaba da masarar eka biyun nan su ne za su riƙe gonar. Wanda ya dasa duka shidan yakan ƙare da jinginar da rabonsa tun bai ɗanɗana ba.

Buhu ukun nan ana iya ninka shi, amma da ido a kan gona. Cikin damina ƙwallo yana yin tabo ruwan ƙasa, ya baƙe gaba ɗaya cikin kwanaki. Sai an cire masu ciwon an fitar da su daga gonar, an rage rassa iska ta shiga, ana fesa magani duk mako uku zuwa huɗu. Daga Agusta ƙwaron da suke kira akate yana tsotse sabon reshe ya bushe kamar wuta ta lashe shi. Cutar kumburin reshe kuwa ba ta da magani sai sarewa, don haka ka zagaya gonakin da ke kewaye kafin ka amince. Ka duba rafin wurin ma: in ruwan ya koma kalar kunu, masu galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, suna kusa, kuma mai ƙasa yana iya samun tayin da ya fi naka.

Ka je ka ga hanyar gonar a watan Yuni, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Busasshen koko yana jiran mota, amma ayaba in ta nuna kwana kaɗan gare ta. In babur mai ƙafa uku ba ya isa bakin gonar a lokacin, ka rage ayabar sayarwa ka ƙara rogo, shi yana zama a ƙasa har hanya ta bushe.

Ka gaida mahaifiyarka. In za a zauna da dangin, ka faɗa mini da wuri mu nemi wanda ya iya Twi sosai ya zauna a ɓangarenmu.