Me ke rage wata idan ba inuwar duniya ba?

Tambaya: Malam, na daɗe ina ganin wata yana farawa siriri, ya yi ta girma har ya cika, sannan ya koma raguwa. Wani ya ce mini inuwar duniya ce take rufe shi kaɗan-kaɗan. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, ɗan'uwa, kodayake mutane da yawa haka suka ɗauka, har da masu boko. Babu abin da ke rufe wata a waɗannan dararen. Wata dunƙulallen dutse ne, ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Kowane dunƙulallen abu kuwa, idan haske ya faɗo masa daga gefe ɗaya, rabinsa ne zai haskaka, rabin ya zauna a duhu. Wata ma haka yake, ranar da ya cika da ranar da ya ɓace duk rabinsa yana cikin hasken rana. Abin da ke sauyawa shi ne yadda muke kallonsa: yayin da yake kewaya duniya, wani lokaci rabin mai haske yana fuskantarmu gaba ɗaya, wani lokaci gefensa kawai muke hanga, wani lokaci kuma ya juya mana baya. Duhun da kake gani a jikin jinjirin wata daren wata ne, kamar yadda rabin duniya yake cikin dare yanzu haka.

Idonka ma zai iya ƙaryata zancen inuwar. Inuwa kullum tana faɗuwa ne a ɓangaren da ya ba rana baya. Idan rana tana faɗuwa a yamma, inuwar duniya gabas ta miƙa. To amma ina kake ganin jinjirin wata? A yamma, dab da inda rana ta faɗi. Ke nan a daren da duhun ya fi yawa a jikinsa, a daren ne ya fi nisa da inuwarmu. Daren da yake kusa da ita shi ne daren da ya cika.

Abin da ke tsara kamannin wata guda ɗaya ne: tazarar da ke tsakaninsa da rana a sararin sama, yadda muke ganinsu daga nan. Wata yana ɗaukar kusan kwana 29 da rabi daga haɗuwarsa da rana zuwa wata haɗuwar. Idan ka raba digiri 360 na cikakken zagaye da waɗannan kwanakin, za ka sami digiri 12 da ɗan ɗoriya. Wato kullum wata yana matsawa gabas, ya ƙara nisa da rana da kamar digiri 12. Sama kuma tana juyawa digiri 15 a kowace awa, shi ya sa wata yake makara da kusan minti 50 kullum wajen fitowa da faɗuwa.

Da waɗannan lambobin biyu sai ka lissafa kowane dare da kanka. Ɗauki wata mai kwana 3. Uku sau 12 ya ba da digiri 36. Daga wannan kusurwar ba mu hango komai daga rabin mai haske sai ɗan baki-baki, kamar kashi 10 cikin 100 na fuskar wata. Raba 36 da 15, ka ga zai faɗi wajen awa biyu da rabi bayan rana. A kwana 7 da 'yan awanni tazarar ta kai digiri 90, muna kallonsa ta gefe, sai mu ga rabi haske rabi duhu. Da faɗuwar rana yana can ƙololuwar hawansa, ya faɗi wajen tsakar dare. A kwana 10 ya haura digiri 120, kashi uku cikin huɗu ya haskaka, ya yi ƙusumbi. Ka lura da wannan siffar da kyau, domin layin duhun ya lanƙwasa ne ya bar hasken ya kumburo waje, alhali inuwar duniya zagayayya ce, idan ta hau kan wata gutsurarsa take yi ta ciki. A tsakanin kwana 14 da 15 kuwa tazarar ta kai digiri 180, rana na faɗuwa yamma shi yana fitowa gabas, cikakke. Daga nan sai ya fara matsowa kusa da rana ta ɗaya ɓangaren. Wajen kwana 22 ya sake zama rabi, amma sai tsakar dare yake fitowa, a ƙarshe ya koma siriri a gabas da asuba, ya shige cikin hasken rana.

Wannan lissafin na ƙiyasi ne. Hanyar wata ba cikakkiyar da'ira ba ce, yana sauri idan ya kusato duniya, ya rage gudu idan ya yi nisa, kuma minti 50 ɗin nan yana ƙaruwa ko ya ragu gwargwadon lokacin shekara da inda mutum yake a doron ƙasa. Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen ƙidayar kwanaki. Ana farawa ne daga haɗuwar wata da rana, ba daga daren da aka fara ganinsa ba. Kafin ido ya iya kama jinjirin wata, yawanci ya riga ya kwana ɗaya ko biyu.

Idan kana so ka gani da hannunka, ka shiga ɗaki mai duhu, ka kunna fitila ɗaya a nesa, ka riƙe ƙwallo ka miƙe hannu. Fitilar ita ce rana, kanka duniya. Fuskanci fitilar, gefen ƙwallon da ke kallonka duhu ne. Juya hagu a hankali, za ka ga haske ya ɓullo siriri a gefen dama, ya zama rabi, ya cika daidai lokacin da ka ba fitilar baya. A nan ne gwajin yakan ɓaci wa mutane: inuwar kansu sai ta faɗa kan ƙwallon ya yi duhu. Wannan husufin wata ne ka yi, kuma shi kaɗai ne lokacin da inuwar duniya take taɓa wata. Ɗaga hannunka sama kaɗan, ƙwallon zai fita daga inuwar ya cika. Wata ma haka yake tsira. Hanyarsa ta karkace da kamar digiri 5 daga shimfiɗar da duniya ke bi wajen kewaya rana, saboda haka a mafi yawan watanni yana wucewa ta sama ko ta ƙasan inuwar. Sai kusan duk bayan wata shida ake samun damar su yi saiti, kuma husufin awanni kaɗan yake yi ya wuce, ba makonni ba.

Ni gwajin da na fi so ba ya buƙatar ɗaki. Bayan wata ya cika da kamar mako guda, ka fito da hantsi, za ka same shi a ɓangaren yamma, rana kuma tana gabas. Ka tsaya inda rana ke dukanka, ka ɗaga ƙwallo saitin watan. Rana ɗaya ce take haska su daga kusurwa ɗaya, don haka rabin ƙwallon da ke wajen gabas zai haskaka, rabin ya yi duhu, daidai da yadda watan yake.