Hukuncin Ƙara Haske da Sauya Bayan Hoton Kayan Sayarwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da jakunkunan fata ta intanet, wasu sababbi, wasu an ɗan yi amfani da su. Hotunana suna fitowa da duhu, sai in ƙara musu haske a waya, in cire abin da ke bayan jakar in sa fari. Shin wannan algus ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, asalin wannan aiki halal ne. Mai saye ta intanet bai taɓa jakar da hannunsa ba, hoton ne ke siffanta masa ita. Mafi yawan malamai sun halatta cinikin abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, amma idan kayan suka zo saɓanin siffar, yana da damar mayarwa. Don haka abin dubawa shi ne ko gyaranki ya sa hoton ya ƙara kama da jakar.

Ɗauki jaka ruwan toka. Ƙwan lantarki mai ɗorawa, wanda haskensa ke wajen 2700 a Kelbin, wato ma'aunin launin haske, zai iya mai da ita kamar ruwan ƙasa, alhali hasken rana tsaka yana wajen 5500. Idan kika gyara wannan, gaskiya ce kika dawo da ita. Ki ajiye farar takarda kusa da jakar, ki rage Warmth, wato ɗumin launi a wurin gyaran hoto na waya, har takardar ta fito fara sol a hoton. Mafi kyau ma ki kashe ƙwan, ki ɗauka kusa da taga da rana. Amma ɗaga Saturation, wato ƙarfin launi, har fatar da ta koɗe ta fito kamar sabuwa, wannan bai halatta ba.

Inda na fi jiye miki tsoro shi ne aibi. Haske mai yawa daga gaba yana shafe ƙarzuwar fata, na gefe kuwa yana fito da ita. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi, ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mutumin bai ƙara komai a kayansa ba, ɓoyewa kawai ya yi. Saboda haka wajibi ne ki bayyana ƙarzuwar, ki ɗauke ta daga kusa da hasken gefe, ki kuma ambace ta a rubuce.

Farin baya babu laifi. Sai dai manhajar cire baya takan yanke zaren da ya warware a bakin maɗauri, don haka ki faɗaɗa hoton ki duba gefe-gefe. Farin fili kuma yana ɓoye girman kaya, sai ki rubuta tsawo da faɗi da santimita. Kafin ki ɗora hoton, riƙe jakar kusa da fuskar wayar a hasken taga. Idan launin ya saɓa, ki sake gyarawa.

Allah ne mafi sani.