Ƙanwata na son karatun nas, lissafi ya tare ta: mu biya a “taimaka” mata?

“Salam 'yan uwa. Ƙanwata sau biyu tana samun D7 a lissafi, nas take so ta zama ta riƙe mahaifiyarmu tunda Baba ya rasu. An nuna mana wata makaranta da ake rubuta amsa a allo in ka biya. Tunda niyyar alheri ce, akwai laifi?”

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah Ya jiƙan Baba. Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare, na yi gadin jarabawa na kuma yi makin, don haka bari in faɗa maka gaskiya ko ba daɗi: kar ku biya. Niyyarku mai kyau ce wallahi, amma wannan hanyar ita da kanta za ta cinye abin da kuke nema.

Me yasa makarantar nas ta nace sai da kiredit biyar har da lissafi? Ba mugunta ba ce. Ga yaro mai kilo 10 da zazzaɓi, ana ba da farasitamol miligiram 15 kan kowane kilo, kenan 150 yake buƙata, kwalbar kuma an rubuta miligiram 120 a cikin mil 5. Mil nawa za ta zuba? 150 a raba da 120 a ninka da 5, mil 6.25. Wannan rashiyo ne na ƙaramar sakandare, kuma da ƙarfe biyun dare a wodin yara ba mai rubuta mata a allo, ga uwa a tsaye tana kallon hannunta. In ta goce da ɗigo ɗaya ta ba da ninki goma, a farasitamol hanta ce ke tafiya, a wata allurar ma ba a kai safe. To ka ga burin ai ba takardar ba ne, nas ɗin da ta iya aikin ce, kuma satar amsa takardar kawai take bayarwa.

Na san za a ce maka larura tana halatta haram. Haka ne, amma malaman da suka faɗi wannan sun sa sharaɗi, sai in babu wata ƙofa kuma ba a ɗora cutar a kan wani ba, kamar mai cin mushe don kar yunwa ta kashe shi. Anan duka biyun babu. Gurbi a makarantar nas ƙidayayye ne, in ta shiga da C4 na saye akwai wata yarinya, wataƙila ita ma marainiya, da ta kwana da fitila ta samu C6 nata na gumi aka bar ta a waje, ba za ku taɓa ganin fuskarta ba shi yasa abin ba ya damun mutane. Hadisin da ke cewa wanda ya yi algus ba ya tare da mu, a kan mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya sa busasshe a sama aka faɗe shi, kuma sakamakon bogi haka yake, samansa ne kawai mai kyau. Ayyuka da niyya suke, eh, amma niyya ba ta mayar da yaudara halal.

Sannan kar ka ɗauka ba a ganewa. Wajen makin za ka ɗaga takardu arba'in daga senta ɗaya duk sun yi kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, malamin da ya rubuta a allo ya manta alamar ɗebewa kowa ya manta tare da shi, dole ka kai rahoto. Daga nan WAEC ko NECO su riƙe sakamakon, wani lokaci su soke darasin ko duka, har na waɗanda ba su kwafa ba. Dokar magudin jarabawa ta 1999 ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda bai kai 18 ba, ba kasafai ake kai yara kotu ba amma kuɗinku da shekararta sun tafi.

D7 fa kusa take, 50 cikin 100 ne C6. Ku yi mata rajistar jarabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara, makarantun nas da yawa suna karɓar zama biyu a haɗa, ku dai tambayi wadda take so tukuna. Kuɗin da za ku ba waɗancan ku ba malamin lesin ya zaunar da ita kan tambayoyin shekarun baya, musamman rashiyo, kaso cikin ɗari, istatistiks da aljebra mai sauƙi. Kuma a koya mata nuna aiki layi-layi a takarda ta biyu, don muna ba da maki kan hanyar da aka bi ko da amsar ƙarshe ta kuskure, yara masu D7 da yawa anan suke zubar da makinsu, su rubuta amsa tsirara ko su bar tambaya fayau don tsoro. In ka samu dama turo min abin da ta fi faɗuwa a kai in gaya maka inda za a fara.