Amsar murya: yadda za ki gane inda masu masa suka bar giɓi a Abuja

Tambaya: "Anti, ina son fara sayar da masa da miyar taushe ana kai wa mutane gida da ofis, amma masu yi sun yi yawa. Yaya zan san abin da kwastomominsu ke faɗa a kansu?"

Amsa: Salamu alaikum ƙanwata, na ji saƙonki. To, ki samu littafi da biro tukuna. Ki zaɓi mutum huɗu ko biyar da ke wannan sana'ar a Instagram ko Facebook, ki bi abin da suka ɗora na wata uku baya. Kar hotunan su ɗauke miki hankali, ƙasa za ki sauka inda mutane ke rubutu. Su "masha Allah" da "Allah ya kawo kasuwa" ki wuce su, balle ranar da ake rabon kyauta, yabon ranar ba na masu saye ba ne. Mai shago kuma, ki nemi shagonta a Google Maps, ki jera ra'ayoyin a kan Lowest, masu ƙorafi su fito sama.

Ki raba shafi biyu: ƙorafi gefe guda, tambayar da ba a amsa ba gefe guda. Kuma mutane za ki ƙirga, don mace ɗaya in ta fusata tana iya rubutu sau goma.

A ce kin tara mutum 40. Goma sha biyu sun ce masa ta iso da sanyi, shida sun ce miya ta zube a leda, tara kuma sun tambaya "kuna kawowa Kubwa?" aka yi musu shiru ko aka ce su biya kuɗin mai babur da ya kusa kai kuɗin abincin. Waɗannan taran su na fi so ki riƙe. Zubar miya, gobe mai abincin za ta canza roba ta gyara. Amma mai toya masa a Wuse ba za ta iya rage nisan Kubwa ba, kuma kin ga nisan ne ma ke sanyaya masar. Ke kuwa in a Kubwa kike zaune, tandarki na kusa da su.

Sai dai ki kula, wasu na goge maganar da ba ta yi musu daɗi ba. In shafi yabo ne zalla, kar ki yarda. Matanmu ma da yawa ba sa ƙorafi a fili, sai a gidan biki ko guruf ɗin unguwa, nan ma ki kasa kunne. Sannan tambaya ba ciniki ba ce. Kafin ki sayi buhun shinkafa, ki sanar a unguwa cewa ranar Asabar akwai masa, mai so ta tura kuɗi zuwa Juma'a. Ki yi haka mako uku, ki duba su wa suka sake saye.