Yadda za a rage nauyin fayil ɗin PDF ba tare da rubutu ya dushe ba

Tambaya: Na ɗauki takardun shaidata shafi 4 a wani shagon kwamfuta a Kawo, fayil ya kai 6 MB, shafin neman aikin kuma 1 MB yake karɓa. Da na matse shi sai rubutun ya dushe. Ina mafita?

Ɗan'uwa, takardar da aka yi wa sikanin hoto ce zalla, har rubutun da ke jikinta, shi ya sa matsi mai tsanani yake cinye bakin haruffa. Idan takardun suna hannunka, gara ka koma shagon a sake ɗauka. Ka ce wa mai shago ya saita na'urar a 150 dpi, wato ɗigo 150 a kowane inci, ya kuma zaɓi Grayscale, wato hoto marar launi. Yawanci a 300 dpi mai launi suke barinta. In aka sauko daga 300 zuwa 150, ɗigon hoton ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, wato 6 MB ɗinka zai dawo wajen 1.5 MB, cire launi kuma ya ƙara sauke shi. Amma fa idan masu ɗaukar aikin sun ce a turo mai launi saboda hatimi, ka bar launin.

Idan fayil ɗin kaɗai ya rage maka, manhajar kwamfuta mai suna Ghostscript za ta yi aikin. Ka rubuta mata wannan umarni, asali.pdf shi ne fayil ɗinka, sabo.pdf kuma wanda zai fito:

```
gs -sDEVICE=pdfwrite -dPDFSETTINGS=/ebook -o sabo.pdf asali.pdf
```

`/ebook` yana mayar da hotuna 150 dpi. Guji `/screen`, 72 dpi ne, shi ke narka ƙananan rubutu. Kuma daga fayil na asali za ka fara, don matse abin da aka riga aka matse ƙara lalacewa yake.

Kafin ka tura, buɗe shi ka zuƙo zuwa 200%, ka duba lambar takardar shaida. In kana bambance 3 da 8 ba wahala, tura abinka.