Ko hoto ɗaya zai nuna atamfa 'yar Holan ta gaskiya?

Tambaya: Wata dillaliya ta turo mini hoton turmin Super a WhatsApp, ta ce asalin Vlisco ce. Na tura muku hoton, don Allah ku duba mini kafin in biya. Lefen ƙanena muke haɗawa.

Amsa: Hajiya, na duba, ban ga aibi ba, amma kada ki biya a kan wannan. Mai jabu abin da ido ke gani yake kwaikwaya: zane, kala, takardar da ake liƙawa, har da rubutun bakin atamfar mai sunan kamfanin da lambar zane. Kyamara kuma iyakarta ke nan. Ga hasken shago yana sauya kala, ga WhatsApp yana matse hoto ya goge ƙananan layuka. Hoto yakan tona jabu idan an yi kuskuren harafi a rubutun baki, amma rashin kuskure ba shaida ba ce.

Bambancin yana cikin yadda aka yi ta. A masana'antar Vlisco da ke Helmond, ana buga zanen da narkakken kaki a fuska biyu na yadin auduga, sannan a tsoma shi a rini. Inda kakin ya rufe, rini ba ya kamawa. Daga nan a karya kakin a cire wani, a ƙara wasu kaloli. Shi ya sa ake samun 'yan ɗigo-ɗigo da siraran jijiyoyi a jikinta, kuma ba sa faɗuwa wuri ɗaya sau biyu. Jabu mai araha kuwa fuska ɗaya ake buga mata, jijiyoyin ma zana su aka yi, don haka suna maimaituwa daidai wa daida.

To a hoton da aka turo miki, atamfar a ninke take, tafin hannu biyu kawai ake gani cikin yadi shida. Ba a ganin baya, ba a ganin inda zanen ya sake zagayowa. Sai an warware ta. Ki zaɓi fure ɗaya, ki nemo ɗan'uwansa a gaba, ki kwatanta jijiyoyin da ke kewaye da su. In sun zo iri ɗaya sak, bugawa aka yi. Ki juya bayan: in ya koɗe sosai, ba ita ba ce. Ki murza ta ki ji laushin audugar, ki kuma ga ko lambar takarda ta dace da ta baki.

Ko wannan bai kare ki gaba ɗaya ba, domin akwai jabun da su ma da kaki ake yin su, bayansu da kyau. Waɗannan sai hannun da ya saba, irin na tsofaffin 'yan Kantin Kwari. Kuma hoton kansa yana iya zama na turmi na gaskiya, a kawo miki wani. Ki ce ta kawo kayan gida, a warware gabanki da rana, ki kira wadda ta daɗe tana ɗaura Holan ta taɓa, sannan ki biya.