Kuki, kilawud da bog: me ya haɗa kwamfuta da biskit, gajimare da ƙwaro?

Tambaya: Salam malam, dan Allah kullum na buɗe shafi a waya sai ya ce in danna Accept cookies, da na duba ƙamus sai na ga wai biskit ne. Haka kilawud wai gajimare, bog wai ƙwaro. Me ya haɗa su da kwamfuta? Kuma in na goge kukis hotunana za su tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ƙamus ɗinka bai yi maka ƙarya ba, sai dai duka ukun laƙabi ne da injiniyoyi suka raɗa a tsakaninsu, sunan ya bi abin har ya fito duniya, shi yasa in ka ce ma'anar asali za ka bi ka gane aikinsu toh za ka sha wahala.

Bari in fara da kuki tunda shi ke tare ka kullum. Kalmar ta shigo Turanci ne daga yaren Holan, ma'anarta ɗan ƙaramin kek. Tun kafin yanar gizo masu rubuta manhaja suna kiran wani ɗan guntun bayani da wata manhaja ke miƙa wa wata ta riƙe, daga baya ta dawo mata dashi yadda yake, da sunan kukin tsafi. A 1994 wani injiniyan kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ya ɗauko dabarar da sunan duka ya saka a burauza, wato manhajar da kake buɗe shafuka da ita, saboda akwai wata matsala da ta dame su: sabar, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kanta, bata da tuni ko kaɗan, ka buɗe shafi yanzu ka danna wani abu bayan daƙiƙa biyu a wajenta kai baƙo ne sabo fil, toh ta yaya za ta san kaine ka saka kaya a kwandon sayayya ɗazu?

Ka ɗauka kamar wurin ajiyar jaka ne, ka bada jakarka an baka ɗan kati mai lamba. Jakar na wajensu, kai lamba kawai ka riƙe. Ga yadda abin yake a zahiri, da ka saka sunanka da kalmar sirri suka yi daidai, sabar zata aiko wa burauzarka layi irin wannan:

```
Set-Cookie: sid=7f3a91; Max-Age=604800; Secure; HttpOnly
```

Wancan 7f3a91 ɗin shine lambar katin, na gaske yafi haka tsawo sosai na gajarta ne. 604800 kuma daƙiƙoƙi ne, in ka lissafa kwana 7 kenan, bayan nan burauza ta yar dashi. `Secure` na nufin kar a tura shi sai ta hanyar da aka kulle wato `https`, shi kuma `HttpOnly` yana hana ƙananan manhajojin dake gudana a cikin shafin karanta shi. Daga nan duk abinda ka danna a wannan shafin burauza zata haɗa da wannan ba tare da ka gani ba:

```
Cookie: sid=7f3a91
```

Sabar ta duba lambar a littafinta, ta gane kaine, ta buɗe maka akawun ɗinka. Shikenan fa kukin. Rubutu ne kawai, ba manhaja bane balle ya zama bairos, kuma guda ɗaya baya wuce wajen kilobait 4, don haka masu goge kukis wai don su samu fili a waya gaskiya ɓata lokaci suke, hoto ɗaya yafi kukis ɗaruruwa nauyi. Abinda ke cin fili shine kash, wato kwafin hotuna da fayilolin shafuka da burauza ke ajiyewa don kar ta sake sauke su.

Inda haɗarin yake biyu ne. Na farko katin bai san fuskar mai shi ba, duk wanda ya riƙe shi za a bashi jakar, in ka shiga akawun a kwamfutar da ba taka ba ka rufe shafin kawai baka danna `Log out` ba, wanda ya zauna bayanka zai iya tarar da kai a ciki ba sai ya san kalmar sirrinka ba. Na biyu kukin 'yan talla. Shafin da ka buɗe yana ɗauke da tallan wani kamfani daban, kamfanin ya ajiye maka nasa katin, gobe ka shiga wani shafin da shima ke ɗauke da tallansu su ga lamba ɗaya, a haka suke haɗa tarihin yawonka, shi yasa takalmin da ka duba sau ɗaya zai yi ta binka ko'ina. Wannan tambayar dake damunka a shafuka dokokin Tarayyar Turai ne suka jawo ta, musamman gyaran da aka yi a 2009 da kuma dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018. Ni dai in naga `Reject all` shi nake dannawa, shafin zai yi aiki lafiya don kukin shiga akawun baya cikin waɗanda ake neman izini a kansu.

Wani lokacin kuma kuki kan lalace ko ya tsufa, sai kaga ka saka kalmar sirri daidai amma shafin yana ta maido ka wurin shiga. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, buɗe shafin a `Incognito` ko `Private`, don can babu tsofaffin kukis, in ya shiga toh kukin wannan shafin kaɗai zaka goge ba na duka ba. In can ma yaƙi, matsalar ba daga nan take ba, wataƙila bog ne a wajensu.

Shi bog kuskure ne a cikin manhaja ko na'ura. Labarin da ake yawan bayarwa shine na ranar 9 ga Satumba 1947, lokacin da masu aiki da kwamfutar Mark II a jami'ar Harvard suka ciro wani ƙwaro mai fukafukai irin mai bin fitila da ya maƙale a wani makunni, suka manna shi da salatif a littafin aiki. Abin ya faru da gaske, Grace Hopper, wata masaniyar kwamfuta, ce ta yaɗa labarin, littafin ma yana gidan tarihi na Smithsonian. Amma ba nan kalmar ta fara ba, mai ƙere-ƙeren nan Thomas Edison ya yi amfani da ita a wasiƙa tun 1878 yana nufin ƙananan matsalolin na'ura. Abinda suka rubuta a ƙasan ƙwaron ma raha ce, wai yau ne karon farko da aka samu ƙwaro na gaske, ka ga da basu saba da kalmar ba ai rahar bata da ma'ana.

Kilawud kuwa daga zane ya samo suna, injiniyoyi in suna zana taswirar netwok sai su zana gajimare a madadin duk ɓangaren da ba nasu ba, wato can wani wuri da bamu damu da cikinsa ba. Sunan ya bazu sosai daga 2006 da Amazon ya fara bada hayar ma'aji da kwamfutoci ta intanet. Babu komai a sama, manyan gine-gine ne a ƙasa cike da kwamfutoci da na'urorin sanyaya su.

Toh hotunanka suna can ko a cikin wayarka, goge kukis baya taɓa su, katin kawai ka yar, za a sake tambayarka kalmar sirri don haka ka tabbata kana tune da ita kafin ka goge. Abinda ke cinye wa mutane hotuna daban ne: in ka kunna daidaitawa tsakanin waya da kilawud, kamar a iCloud ko cikin manhajar Google Photos, ka goge hoto a nan toh can ma ya tafi. In hakan ta faru ka yi sauri ka duba `Trash` ko `Recently Deleted`, a iCloud kwana 30 yake yi a wurin kafin ya ɓace gaba ɗaya.